Karan masarar da na jiƙa da yuriya bai sauya launi ba bayan mako biyu: in ba bijimai ko in dakata?

Turken_Bukuru

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin sarrafa kara da takin yuriya domin abincin shanu. Ina da bijimai biyar a turke a wajen Bukuru kusa da Jos, kuma a farkon watan Disamba na tara karan masara kimanin kilo 200, na narkar da yuriya kilo 8 a cikin ruwa lita 60, na yayyafa a kai, na tsibe shi a bayan katanga, na lulluɓe da tamfol na danne gefuna da duwatsu. Wanda ya koya mini ya ce mako biyu ya isa. Da na ɗaga tamfol ɗin jiya, sai na tarar karan yana nan da launinsa kamar yadda na sa shi, warin zarnin da aka ce zan ji ɗan kaɗan ne, a jikin wasu karare akwai farin abu kamar gishiri, sannan a gefen da ke kallon gabas fumfuna ta fara fitowa. Tambayata ita ce, shin zan iya ba bijiman a haka, ko kuwa akwai gyaran da za a yi masa?

Ardo_Tilde

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ba su. Takin zamani na ƙasa ne, ba na cikin dabba ba. Mu da muka tashi a cikin shanu mun sha ganin saniya ta lashi buhun takin da aka bari a gona, kafin a ankara cikinta ya kumbura ta faɗi. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya ɗauki abin da ke kashe dabba ya zuba a abincinta da hannunsa ba.

Ɗan_Shendam

Ardo, abin da ka gani gaskiya ne, amma ba shi ake magana a kai ba. Mu a nan ƙasan Filato muna yin wannan aiki da tattakar shinkafa duk shekara, kuma mako biyu muke buɗewa, mu tarar ta yi ja-ja kamar an gasa ta, warinta har yana sa hawaye. Ni a ganina yuriyar ce ta yi maka kaɗan, Malam, domin karan masara ya fi tattaka kauri. Ka ƙara kilo huɗu ko biyar ka sake rufewa.

Malamar_Gona

Ina roƙon Malam mai tambaya kada ya ƙara ko cokali ɗaya na yuriya. Kilo 8 a kan kara kilo 200 shi ne kashi 4 cikin ɗari, wato daidai ma'aunin da aka saba amfani da shi, kuma farin abin da ya gani a jikin karan shaida ce cewa wadda ya riga ya zuba ma ba ta gama aiki ba. In aka ƙara wata a kai, an ƙara haɗari ne kawai.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, ba yuriyar da kanta ce ke tausasa kara ba. Sai ta rikiɗe ta zama iskar amoniya, wato wannan zarnin da ake ji, sannan iskar ta ratsa cikin karan ta sassauta ɗaurin da ke tsakanin liginin, wato sashe mai taurin da tumbi ba ya iya narkarwa, da sauran zaren da ƙwayoyin halittar cikin tumbi ke iya ci. Wannan rikiɗewa kuwa wani sinadari ne da ake kira yuriyes ke yin ta, wanda ƙwayoyin halittar da ke manne a jikin kara da ƙurar gona ke samarwa, kuma ba ya aiki sosai sai da danshi da ɗumi. Idan aka rasa ɗaya daga cikinsu, yuriyar za ta zauna yadda take. Idan kuma ta rikiɗe amma murfin yana da kafa, iskar za ta fice ba ta taɓa karan ba.

A lissafina, abubuwa ukun nan duka sun haɗu a tsibinka. Na farko ruwa. Karan da ya sha iskar hunturu ya bushe ƙayau, ruwan da ya rage a jikinsa bai wuce kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari ba. Da ka zuba lita 60 a kan kilo 200, danshin tsibin gaba ɗaya bai kai kashi 30 cikin ɗari ba ma sosai, alhali abin da ake so ya kama daga 30 zuwa 50, kuma tun da karan dogaye ne ba a daddatsa ba, ruwan zai zurare ta jikinsu ya taru a ƙasa ya bar na sama a bushe. Na biyu sanyi. Malam na Shendam yana ƙasa mai zafi, shi ya sa mako biyu ke isar sa. Jos kuwa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a Disamba da Janairu dare kan yi sanyin da zai sauko kusa da digiri 10, ga shi kuma ka ajiye tsibin a bayan katanga, inda wataƙila rana ba ta daɗewa a kansa. A irin wannan yanayi ni ba na buɗewa kafin mako huɗu, wani lokaci har biyar ko shida. Na uku rufi. Tamfol da duwatsu ba sa hana iska shiga, fumfunar da ta fito ta gefen da iskar hunturu ke bugowa ita ce hujja, domin inda amoniya ta taru da ƙarfi fumfuna ba ta iya tsirowa.

Turken_Bukuru

Na gode ƙwarai, Malama. Katangar tana tare rana tun daga azahar, hakan gaskiya ne. To yanzu wannan tsibin ya lalace ke nan, ko ana iya ceto shi?

Malamar_Gona

Ana iya ceto mafi yawansa. Ka cire duk wanda fumfuna ta taɓa ka kai shi ramin takin gargajiya, kada ka ba dabba. Sauran ka daddatsa shi da adda guntu-guntu, kamar tsawon yatsa ko ɗan fi, domin ruwa ya shiga ta bakin yanka kuma ya dannu sosai. Ka haƙa rami a wurin da rana ke bugawa yini guda, ka shimfiɗa baƙar leda mai kauri wadda za ta rufe ƙasa da bango ta kuma yi saura, sannan ka riƙa zuba karan shimfiɗa-shimfiɗa, kana yayyafa ruwa zalla da butar ban-ruwa, yara suna tattakewa da ƙafa. Ruwan da za ka ƙara kimanin lita 40 ne ga tsibin duka, wanda zai kai jimillar zuwa lita 50 ga kowane kilo 100. Gwajin hannu yana taimakawa: ka damƙi karan ka matse, tafin hannunka ya jiƙe amma kada ruwa ya ɗiga. Daga nan ka naɗe ledar ta haɗe a sama, ka bi ta da ƙasa mai kaurin taƙi guda, musamman bakin rami. Ka ba shi mako uku ko huɗu daga ranar da ka sake rufewa.

Ka sani dai wani ɓangare na amoniyar ya riga ya tsere a makonni biyun nan, saboda haka ba lallai ne ya kai ingancin wanda aka yi daidai tun farko ba, amma zai fi ɗanyen kara nesa ba kusa ba.

Hajiya_Mai_Raguna

Sannunku da ƙoƙari. Ni raguna nake kiwo a Unguwar Rogo domin babbar salla, kuma harawar wake da dusa nake ba su. Idan na gane bayanin Malama, ke nan zan iya barbaɗa musu yuriyar a kan dusar ko in jiƙa harawar da ita domin su fi saurin yin ƙiba? Kamar cokali nawa za a sa wa rago ɗaya?

Dakta_Rayfil

Hajiya, don Allah kada ki yi haka. Abin da kika kwatanta shi ne ainihin abin da Ardo ya gani yana kashe shanu, kuma rago ya fi saniya saurin faɗuwa saboda ƙanƙantar jikinsa. Idan dabba ta haɗiyi yuriya mai yawa a lokaci guda, tana narkewa nan take a cikin tumbi ta zama amoniya fiye da abin da ƙwayoyin tumbi za su iya amfani da shi, ragowar ta ratsa zuwa jini fiye da ƙarfin hanta. Ga dabbar da ba ta saba ba, abin da bai kai rabin giram ga kowane kilo na nauyin jikinta ba yana iya fara yi mata illa. Rago mai kilo 40 ke nan giram 20 ya isa ya jefa shi cikin matsala, kuma wannan bai kai cokalin cin abinci biyu ba. Akwai hanyar haɗa yuriya a cikin abinci da masana ke bi, amma tana buƙatar ma'auni da gauraya ta sosai, ba aikin da za a yi da cokali a tsakar gida ba ne.

Harawar wake kuma ba ta buƙatar wannan aiki sam. Tana da sinadarin gina jiki mai yawa tun asali, tana da laushi, dabba na narkar da ita ba wahala. Wannan dabara an yi ta ne domin abinci maras ƙarfi, irin su tattakar shinkafa da ta alkama da karan masara da na dawa.

Ga mai tambaya kuma, ina goyon bayan Malama cewa kada ka ba su a yadda yake yanzu. Bijimin da ya ci kilo biyar na karan da yuriyarsa ba ta rikiɗe ba yana iya haɗiyar abin da ya kai giram 200, kuma tun da ba ta bazu daidai ba, wani zai faɗa kan sashen ƙasa inda ruwan ya taru ya kwashi fiye da rabonsa. Alamun guba suna bayyana da wuri, galibi cikin minti ashirin zuwa awa ɗaya bayan ci: dalalar yawu, makyarkyatar fatar jiki da tsoka, saurin numfashi, tangaɗi, kumburin ciki, sannan faɗuwa. Duk mai wannan aiki ya kamata ya ajiye ruwan kal a gida. Ana ɗura wa babbar saniya lita biyu zuwa huɗu ko fiye, a bi da ruwan sanyi mai yawa, rago kuma rabin lita zuwa ɗaya, domin tsamin yana rage shigar amoniya cikin jini, sanyin kuma yana rage saurin rikiɗewar. A ɗura a hankali kada ya bi ta maƙogwaron iska, kuma a kira likita a lokacin, kada a jira a ga abin da hali zai yi.

Ardo_Tilde

To Dakta, ai ka dawo kan maganata. Abin da sai an ajiye maganin gubarsa a kusa kafin a ba dabba, ina amfaninsa?

Dakta_Rayfil

Ranka ya daɗe, bambancin yana nan: idan aikin ya yi kyau, abin da ke cikin karan ba ƙwayar yuriya ba ce kuma. Ta riga ta rikiɗe, wani kaso ya kama jikin karan, ragowar kuma yana tashi idan an baza shi ya sha iska. Dabba tana cin sa a hankali tsawon yini, tana tuƙa, ba ta samun sa a dunƙule kamar wadda ta lashi buhu. Haɗarin yana zuwa ne daga aikin da bai kammala ba, irin wanda ake tambaya a kai, ko daga barin ruwan yuriya a garwa inda dabba mai ƙishi za ta kai baki. Abin da nake ƙarawa da shi shi ne, ba a ba maraƙin da bai kai wata shida ba, domin tumbinsa bai gama ƙosawa ba, kuma ba a ba doki ko jaki ko kaji, domin su ba masu tuƙa ba ne.

Sarkin_Noman_Gada

Ni damuwata ba guba ba ce, kuɗi ne. Kowa ya san yadda buhun yuriya ya yi tsada a shekarun nan, ko da yake a ƙasar nan ake yin ta. Buhu ɗaya mai kilo 50 zai sarrafa kara kilo 1,250 a ma'aunin da Malama ta faɗa. Shi kuma wannan buhu in na kai shi gonar masara da damina, na san abin da zai dawo mini da shi. Ga kuɗin leda, ga ladan masu sara da masu haƙa rami, ga ruwa wanda a rani sai an saya a wasu unguwannin. Na kuma ji cewa yawancin takin ma iska ke kwashewa idan an buɗe ramin. Shin ba gara mutum ya ɗauki kuɗin ya sayi dusa da angurya ba?

Malamar_Gona

Abin da ka ji game da asara gaskiya ne, Sarkin Noma. Kusan kashi ɗaya cikin uku na naitirojin ɗin da ke cikin yuriyar ne ke zama a jikin karan, wani lokaci ya ɗan fi haka, sauran yana tashi. Duk da haka wannan ɗan abin yana ɗaga sinadarin gina jiki na tattaka daga kashi 3 ko 4 cikin ɗari zuwa kamar 7 ko 8, kuma wannan iyaka tana da muhimmanci, domin ƙasa da kashi 7 ƙwayoyin tumbi ba sa samun abin da zai ishe su yin aiki, sai abinci ya daɗe a ciki, dabba ta kasa cin da yawa ko da an cika mata komi. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga saniya da kara jibge a gabanta a watan Maris amma haƙarƙarinta a waje. Bayan haka kuma narkewar karan kanta tana ƙaruwa da abin da ya kai kamar kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, cin abincin ma yana ƙaruwa. Dusa da angurya ba sa tausasa karan, suna ƙara wa dabbar ƙarfi ne a gefe.

Amma ba zan ce lissafinka kuskure ba ne. Idan mutum yana da harawa mai yawa ko fadama mai ɗanyar ciyawa a kusa, ba ya buƙatar wannan wahala. Wanda ya fi cin riba shi ne mai kara ko tattaka jibge kyauta, da dabbobin da za su biya kuɗin nan kusa, wato saniyar tatsa ko bijimin turke ko shanun huɗa da ake so su shiga damina da ƙarfinsu. A ƙasar Sin an yi wannan aiki da yawa tun daga shekarun 1980, a yankunan da tattakar alkama ta yi yawa kuma ake kiwon shanun nama. A wurare da yawa na Afirka kuwa an koyar, mutane sun yi sau ɗaya ko biyu sun bari, kuma dalilan ba su wuce waɗanda ka lissafa ba.

Mai_Nono_Vom

Ni zan ba da shaida a kan shanun tatsa. Ina da shanu 'yan haɗi, kuma da tattakar acca nake yi, domin ita ce ke da yawa a wajenmu bayan kaka. Tana da siririn jiki, ba ta buƙatar sara, tana shan ruwa da sauri kuma tana dannuwa fiye da karan masara. Abin da na lura shi ne nonon ba ya yin tsalle ya ƙaru, amma ba ya faɗuwa warwas a tsakiyar rani kamar da, kuma shanun ba sa ramewa sosai. Sai dai ina haɗa musu da dusa da ɗan angurya da gishirin lasa, ban taɓa barin su a kan tattakar kaɗai ba.

Game da sanyi, akwai dabarar da nake yi a Disamba da Janairu: ina niƙa ɗanyen waken suya kilo biyu ko uku in barbaɗa tsakanin shimfiɗu a ramin da ke ɗaukar kilo ɗari biyu. Ina ganin yana saurin kamawa idan na yi haka.

Malamar_Gona

Dabarar tana da tushe, domin ɗanyen waken suya yana ɗauke da sinadarin yuriyes mai yawa. Sharaɗin shi ne ya zama ɗanye, wanda ba a soya ko dafa ba, saboda zafi yana kashe sinadarin. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba a haɗa ɗanyen garin waken suya da yuriya a cikin abincin da za a miƙa wa dabba kai tsaye. A cikin rami alheri ne, a cikin komi haɗari ne. Sai dai a tuna, wake yana gaggauta fitowar amoniya ne kawai, ita kuma amoniyar tana buƙatar nata lokacin kafin ta ratsa kara mai kauri a cikin sanyi, don haka ko da wake ni ba zan buɗe a Jos kafin mako uku ba.

Ɗan_Shendam

Na karɓi gyara a kan ƙarin yuriya. Amma a kan ruwa ban yarda da lita 50 ba. Mu lita 100 muke sa wa kilo 100, wato ruwa daidai nauyin tattaka, haka aka koya mana, kuma ba mu taɓa samun farin gishirin nan ba.

Mai_Nono_Vom

Ɗan'uwa, na gwada ma'auninku a ramin da na shafe da siminti, sai ruwan ya kwanta a ƙasa, shimfiɗar ƙarshe ta yi baƙi ta yi laɓo-laɓo, wari kuma ya yi mata yawa har shanu suka ƙi ta. Wataƙila ku a kan ƙasa kuke tsibewa, rarar ruwan tana tsanewa. In haka ne kuwa, tana tafiya da yuriyarku.

Ɗan_Shendam

A kan ƙasa muke yi, amma da leda a ƙarƙashi. Tattakar shinkafar rani takan bushe fiye da kima, tana shanye ruwan. Ni dai abin da na gani da idona ke nan.

Malamar_Gona

Ma'aunan biyu duka ana koyar da su, kuma ban ga abin faɗa a ciki ba. Ruwa mai yawa yana sauƙaƙa bazuwar yuriya ga wanda ke yayyafawa da hannu, ruwa kaɗan yana rage wahalar ɗiba da haɗarin ruɓewar ƙasan rami. Wanda yake Jos a rani yana sayen ruwa a jarka zai fi karkata ga 50 ko 60.

Turken_Bukuru

Allah ya saka da alheri. Zan bi shawarar sake rufewa. Amma ina so in tsara abin yadda bijimai biyar ɗin ba za su yanke ba idan sun fara ci. Rami nawa ya kamata in yi, kuma yaya zan fara ba su?

Malamar_Gona

Bari mu lissafa da naka. Bijimi mai nauyin kilo 300 yana cin busasshen abinci kamar kilo shida zuwa bakwai a rana. Idan dusa da angurya sun ɗauki kilo ɗaya da rabi ko biyu, kara zai ɗauki kamar biyar. Bijimai biyar ke nan kilo 25 na busasshen kara a rana, wato kilo 175 a mako. Rami mai tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya yana ɗaukar abin da ya kai kilo 150 zuwa 200 idan an daddatsa an tattake da kyau, saboda haka rami ɗaya abincin mako ɗaya ne. Tun da a sanyin Jos kana buƙatar mako huɗu, sai ka yi ramuka biyar: huɗu suna rufe, ɗaya ana ci, duk wanda ya ƙare a sake cika shi a ranar. Kowane cikawa zai ci yuriya kilo bakwai. Idan zafi ya shigo a Maris, mako uku zai isa, ka rage rami ɗaya. Ƙananan ramuka sun fi babba guda ɗaya, domin da zarar an fara buɗewa kullum, amoniya tana raguwa, fumfuna kuma tana samun hanya.

Wajen awo kada ka dogara da ido ko mudu. Ka rataya sikeli ka auna dami ɗaya ko buhu ɗaya na yankakken kara, ka san nauyinsa, sannan ka riƙa aiki da kilo 25: yuriya kilo ɗaya a cikin ruwa lita 13 zuwa 15, a motsa har ƙwaya ta ƙarshe ta narke, a yayyafa wa wannan shimfiɗa kaɗai, a tattake, a ɗauko ta gaba. Wanda ya narkar da duka a durom ɗaya yakan wayi gari ruwan ya ƙare alhali rabin karan bai samu ba. Ka kuma duba buhun, ya zama yuriya zalla mai 46 a rubuce. NPK ba ya wannan aiki kuma ba a sa shi a abincin dabba, haka ma yuriyar da aka lulluɓe ƙwayarta da sinadarin da ke jinkirta narkewarta a gona.

Idan ka buɗe, alamar nasara ita ce launi ya koma ruwan ƙasa ko rawaya mai duhu, zarni ya buge ka da ƙarfi, karan ya yi laushi yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, babu fumfuna. Ka ɗebi na gobe tun yau, ka baza a inuwa ya kwana yana shan iska, ka mayar da ledar ka danne.

Dakta_Rayfil

A kan farawa, a yi a hankali cikin kwana goma zuwa mako biyu. Kwanaki uku ko huɗu na farko kashi ɗaya cikin huɗu na sarrafaffen, sauran karan da suka saba, sannan rabi da rabi, sannan a ƙarasa. Kada a fara ba dabbar da ta kwana da yunwa, kuma idan aka yanke na kwanaki, sai a sake farawa daga ƙasa domin sabon yana gushewa da sauri. Ruwan sha ya wadata, za ka ga suna sha fiye da da. Kashinsu yana iya ɗan yin laushi, wannan ba abin tsoro ba ne matuƙar bai zama zawo ba.

Hajiya_Mai_Raguna

Na ji gargaɗin Dakta, ba zan barbaɗa ba. Amma idan harawa ta yi tsada kusa da salla, shin raguna suna iya cin wannan sarrafaffen karan, kuma mai ƙaramin gida da ba shi da wurin haƙa rami yaya zai yi?

Mai_Nono_Vom

Suna ci, Hajiya, sai dai sun fi shanu tsirfa, dole a daddatsa ƙanana kuma a bar warin ya fita sosai. Maimakon rami kina iya amfani da durom na roba mai murfi, ko babbar leda mai kauri a cikin buhu a ɗaure bakin tamau, a ajiye inda rana ke bugawa kuma ɓera ba zai huda ba. Kilo goma na kara yana buƙatar yuriya giram 400 da ruwa lita biyar. Amma kada ki sa ran zai maye gurbin harawa wajen sa rago ƙiba, zai dai rage yawan wadda kike saya.

Ardo_Tilde

Na karanta duka. Ga mai bijimai biyar a turke wataƙila abin yana yiwuwa. Mu masu garke da muke tashi daga wuri zuwa wuri, ban ga inda za mu sami ramuka biyar da ruwan da za a jiƙa abincin shanu sittin ba. Idan Malam ya buɗe nasa a Janairu, ina so ya faɗa mana ko bijiman sun karɓa, da kuma abin da ya kashe gaba ɗaya har da ladan masu sara.

Turken_Bukuru

In sha Allahu zan kawo bayani, Ardo. Akwai abu ɗaya da ban tambaya ba: wurin da rana ta fi bugawa a filin nawa yana da gara sosai. Shin ba za ta huda ledar ta ƙasa ba, ko gara in ɗaga ginin da bulo a saman ƙasa maimakon haƙa rami?

Mai_Nono_Vom

Gara tana huda leda, kuma ƙaramar kafa ta isa ta ɓata gefe guda. Idan kana da hali, ka yi ɗakuna da bulo a saman ƙasa ka shafe ciki da siminti, bango ɗaya ya raba biyu, ka bar gaba a buɗe domin ɗiba. Sai dai a sanyin dare ramin ƙasa ya fi riƙe ɗumi, saboda haka idan ka zaɓi bulo ka ƙara mako ɗaya a kan lissafin Malama, ka kuma jibga busasshiyar ciyawa a saman ledar da yamma ka janye ta da safe.